A daina cire maki, a tambayi dalili

A hutun da ya wuce ɗiyar yayata, wadda ke karatun likitanci, ta zo mini da takardar wani gwaji da suka yi a makaranta, ranta a ɓace. Tambayoyi 100 ne, irin na gaskiya ko ƙarya: a kawo magana guda a kan wata gaɓa ta jiki, a jero zantuka biyar a ƙarƙashinta, ɗalibi ya faɗi wanne ne gaskiya wanne ne ƙarya. Wanda ya dace yana da maki 1, wanda ya kuskure a cire masa maki 1, wanda ya bar wurin babu komai ba shi da riba ba shi da asara. Ta amsa 59, ta dace a 52, ta kuskure 7. Da aka cire 7 daga 52 sai ta tashi da 45, makin tsallakewa kuwa 50 ne. Sauran 41 ɗin ko alƙalami ba ta ɗora a kansu ba.

Na tambaye ta ko ba ta san komai ba ne a kan waɗannan 41 ɗin. Ta ce, "Kawu, ba wai ban sani ba ne, ban tabbatar ba ne. Kuma tun ranar farko an ja mana kunne cewa duk abin da ba mu tabbatar ba mu bar shi." Sai na ce mata ta zauna nan kan tabarma, ta rufe littafi, ta amsa mini su duka da abin da zuciyarta ta fi karkata a kai. Ba ta yi minti ashirin ba ta gama. Muka ɗauko amsoshin da malaminsu ya raba, waɗanda ta ce takaici bai bar ta ta buɗe ba, muka gwada. Ta dace a 29, ta kuskure 12. Ke nan da ta yi haka a zauren jarrabawa da ta ƙaru da maki 17, ta tashi da 62. Na yarda natsuwar gida daban take da ta zauren jarrabawa, amma ko rabin wannan ta samu ta haye.

Shekaru nake koyar da lissafi, kuma ni ma na taɓa tsara gwaji da wannan doka ta cire maki. Ra'ayina a yau shi ne: cire maki ba ya hana cinke kamar yadda muke zato, yana dai zaɓar wanda zai yi cinken ne. Abin da ke kashe cinke da gaske shi ne a ce wa ɗalibi ya kawo hujjar amsarsa. In kuwa an riga an nemi hujja, to ɗora cire maki a kanta ba shi da sauran amfani, sai ma ɓarna.

Bari in fara da yi wa dokar adalci, domin ba don mugunta aka ƙirƙiro ta ba. Tambayar gaskiya ko ƙarya tana da wani babban rauni: wanda bai taɓa shiga aji ba ma yana da rabin damar dacewa. A ɗauki gwaji mai tambayoyi 20, makin tsallakewa 10, ba a cire komai. Mutumin da ya rufe ido ya yi ta canki-canka daga farko har ƙarshe, damarsa ta samun 10 ko sama da haka ta kusa kashi 59 cikin 100. Wato a aji mai mutum ɗari da ba su karanta komai ba, fiye da rabi za su haye. Babu malamin kirki da zai ga wannan ya yi shiru. Shi ya sa masana gwaji suka fito da ƙa'idar gyara, wadda ake rubutawa haka:

maki = D − K/(z − 1)

D shi ne yawan amsoshin da aka dace, K yawan kurakurai, z kuma yawan zaɓin da kowace tambaya ke da shi. In zaɓi huɗu ne, kowane kuskure yana cin sulusin maki. Haka ake yi a zagayen farko na jarrabawar ɗaukar manyan ma'aikatan gwamnati ta Indiya. In zaɓi biyu ne kamar namu, z − 1 ya zama 1, sai kowane kuskure ya ci maki guda cur. Da wannan gyara, mai canki-canka a tambayoyi 20 sai ya dace a 15 kafin ya samu maki 10, damar hakan kuwa kashi 2 ne kacal cikin 100. A kan takarda, an magance matsalar.

Sai dai ƙa'idar tana tsaye ne a kan wani zato da ba ya faruwa a cikin aji. Ta ɗauka cewa ɗalibi ɗayan biyu ne a kowace tambaya: ko ya sani sarai, ko bai san komai ba. Duk wanda ya taɓa zama a zauren jarrabawa ya san mafi yawan tambayoyi a tsakiya suke. Ka taɓa karanta abin, ka tuna shafin, ka tuna hoton da ke gefensa, zuciyarka na ce maka ƙarya ne, amma ba za ka rantse ba. Wannan ma sani ne, ko da bai cika ba. To me ya kamata mai irin wannan sani ya yi?

Lissafin ba shi da wuya. Ka raba abin da za a cire da jimillar abin da za a ba ka da abin da za a cire, abin da ya fita shi ne iyakar. In dacewa maki 1 ne, kuskure ma 1 ne, iyakar ita ce rabi: duk tambayar da karkatarka a kanta ta wuce rabi da rabi, amsa ta ya fi barinta riba. In rabin maki ake cirewa, kamar yadda wasu sassa ke yi, iyakar ta sauko zuwa sulusi, kuma tunda ko makauniyar canka tana da rabin dama, babu tambaya ko ɗaya da ya kamata a bari. Mai irin wannan tsari bai hana cinke ba sam, ya dai rage masa riba. Waɗanda kawai ya hana su ne waɗanda suka ji kalmar "cirewa" gabansu ya faɗi, ba su tsaya sun yi lissafi ba. Haka abin yake a jarrabawar NEET ta shiga likitanci a Indiya, inda dacewa ke da maki 4, kuskure ke cin 1, zaɓi kuma huɗu ne: ko wanda bai karanta tambayar ba, in ya canka, a matsakaici yana ƙaruwa da rubu'in maki.

Mu koma kan yarinyar nan. A ce tana da tambayoyi 30 da a kowace karkatarta ta kai bakwai cikin goma. In ta amsa su duka, abin da ake sa rai shi ne ta dace a 21 ta kuskure 9, ribar maki 12. Tana iya samun ƙasa da haka, tana iya samun sama. Amma damar a ce ta amsa su duka 30 ta tashi da asara, wato kurakuranta su fi dacewarta yawa, ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba. Abin da take gudu ke nan, abin da kusan ba ya faruwa. Abin da ta rungumo kuma shi ne asarar maki 12 tabbatacciya, wadda ba ta gani saboda ba a rubuta ta da jan biro.

Wannan jan biron shi ne asalin maganar. Ɗan Adam yana jin zafin abin da aka ƙwace daga hannunsa fiye da daɗin abin da aka ƙara masa, ko da girmansu ɗaya. Masana halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana wannan ɗabi'a tun 1979, kuma ƙiyasin da suka yi daga baya ya nuna zafin asara ya kai kamar ninki biyu na daɗin riba. In muka sa wannan a lissafinmu, ɗalibin da ke jin kowane maki da aka cire kamar biyu ne ba zai amsa ba sai tabbacinsa ya wuce biyu bisa uku. Duk abin da ke tsakanin rabi da biyu bisa uku, sani ne da yake da shi amma ba zai taɓa fitowa a sakamakonsa ba. Wanda kuma aka taɓa ba shi sifili ko ƙasa da sifili a gwajin farko, iyakarsa ta fi haka hawa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Da kowa tsoronsa ɗaya ne, da abin ya zo da sauƙi, sai a ce kowa ya yi asara daidai. Ba haka ba ne. Mutum biyu masu ilmi ɗaya, ɗaya mai ƙarfin hali ɗaya mai taka-tsantsan, sai a tashi da tazarar maki goma ko fiye a tsakaninsu, alhali takardar sakamako tana cewa ilmin jikin ɗan Adam ta auna. Kuma akwai shaidar cewa wannan bambanci ba ya faɗa wa mutane daidai. Ƙasar Chile ta daɗe tana cire maki a jarrabawarta ta shiga jami'a, sannan ta daina daga zangon 2015. Masu binciken da suka kwatanta kafin da bayan sauyin sun gano cewa a da mata sun fi maza barin tambayoyi, da aka janye hukuncin wannan tazara ta ragu ƙwarai, tazarar maki ma ta ragu, musamman a cikin ɗalibai masu ƙoƙari. Wato waɗanda dokar ta fi cuta ba ragwaye ba ne. A Amurka ma jarrabawar SAT ta shiga jami'a ta yi shekaru tana cire rubu'in maki a kan kowane kuskure, a 2016 ta daina.

Ga kuma wani ɓangare da ban taɓa lura da shi ba sai da na zauna na lissafa. Ɗauki ɗalibin da bai shirya sosai ba. Ya amsa abin da ya sani, ya ƙirga, ya ga bai wuce maki 46 ba, ana neman 50, ga tambayoyi 20 a gabansa da bai san ko harafi a kansu ba. In ya bi nasihar malam ya bar su, ya faɗi babu tantama. In ya canke su duka 20, yana buƙatar ya dace a 12 don ya samu ribar 4, damar hakan kuwa kusan ɗaya cikin huɗu ce. In ya yi asara, dama faɗuwar ce, 46 da 40 duk sake jarrabawa ne. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Saboda haka wanda aka kafa dokar dominsa shi ne wanda ya fi kowa dalilin taka ta, ita kuwa mai 45 da ke da rabin sani a tambayoyi arba'in tana zaune ta naɗe hannu.

Abin har ya wuce inda dokar take aiki. Kowace shekara sai na gamu da yaran da za su zana JAMB sun zo da labarin cewa ana cire maki, suna shirin barin tambayoyi, alhali hukumar ba ta cirewa. Tsoron ya riga dokar isa.

Na san abin da malaman likitanci za su ce, kuma ba magana ce da za a yi wa riƙon wasa ba. Za su ce likitan da ke cinke a kan mara lafiya kisa zai yi, gara tun yana ɗalibi a koya masa ya san iyakar saninsa. Mu ma a tarbiyyarmu "ban sani ba" kalma ce mai daraja. An ruwaito cewa Imamu Malik ana yi masa tambayoyi da yawa ya amsa kaɗan, sauran ya ce bai sani ba, kuma har gobe malaman zaure suna rufe fatawa da "Allah ne mafi sani". Ina girmama wannan. Amma a duba abin da likita yake yi in bai tabbatar ba. Ba ya barin mara lafiya ya wuce na gaba. Cewa yake: na fi zaton kaza ne, saboda na ga kaza da kaza, amma a yi gwajin jini a tabbatar. Yana faɗin zatonsa, da dalilinsa, da ƙarfin zaton. Gurbin da aka bari babu komai a takarda ba ya ɗauke da ko ɗaya daga cikin ukun. Malam ba zai iya bambance wanda bai taɓa jin maganar ba da wanda ya kusa sani ya ji tsoro, ballantana ya gano wanda ya riƙe abu a karkace.

Nan ne neman hujja yake shigowa, kuma bari in nuna shi da abin da nake koyarwa.

Nakan ba ɗalibai wannan: "16/64 daidai yake da 1/4. Gaskiya ko ƙarya? Kawo dalili." Kusan kowa yana cewa gaskiya, kuma gaskiya ne. Da gwajin canka ne kawai, da na ba kowa makinsa na tafi gida da murna. Amma a layin dalili sai ka ga wani ya rubuta cewa 16 sau 4 shi ne 64, wani kuma ya soke 6 na sama da 6 na ƙasa, 1 da 4 suka rage. Amsarsa ta dace, hanyarsa kuwa ɓata ce tsantsa. Gobe in aka ba shi 12/24 ya soke 2 da 2 zai ce 1/4 ne, alhali rabi ne. Cire maki ba zai taɓa kama wannan yaron ba, domin bai yi cinke ba kuma bai kuskure ba. Ya tabbata da abin da yake yi. Layi ɗaya na dalili ne ya fito da shi.

Ga ta biyu, wadda ta fi waccan koya mini abu: "Ga kowace cikakkiyar lamba n daga 1 zuwa sama, n² + n + 41 lamba ce da ba ta rabuwa sai da kanta da 1." Wannan lissafi sananne ne tun zamanin Leonhard Euler. Ɗalibi mai himma zai fara gwadawa. Ya sa 1 ya samu 43, ya sa 2 ya samu 47, ya sa 3 ya samu 53, sannan 61, sannan 71, duk ba sa rabuwa. Sai ya rubuta "gaskiya", ya jero gwaje-gwajensa a matsayin hujja. Ko da zai ci gaba har 39 ba zai ga inda ta karye ba. A 40 take karyewa: abin da ke fita shi ne 1681, wato 41 sau 41. Mai ido kuma ba sai ya yi wannan doguwar tafiya ba, zai sa 41 kai tsaye, ya ga kowane yanki na lissafin yana rabuwa da 41, ya rubuta "ƙarya" a layi biyu.

To yanzu ga takardu uku a gabana. Na farko ya ce ƙarya, ya kawo 41. Na biyu ya ce ƙarya, bai rubuta komai ba, ko ya rubuta "saboda ba kullum ba ne". Na uku ya ce gaskiya, ya gwada lambobi biyar daidai ba kuskure. A tsarin cire maki, na farko da na biyu kowa yana da 1, na uku yana da 1 a ƙasa da sifili. Ni kuwa a matsayina na malami na san na uku ya fi na biyu kusa da fahimta nesa ba kusa ba. Ya san ma'anar tambayar, ya iya lissafin, abu ɗaya ya rage masa: ya gane cewa misali ko dubu ne ba ya tabbatar da magana mai cewa "kowace", amma misali ɗaya tak yana rushe ta. Wannan darasi ne na minti goma a allo, kuma ba zan san yana buƙatarsa ba sai ya rubuta. Na biyu kuwa mai yiwuwa dabarar tsofaffin ɗalibai ya bi, cewa duk maganar da ke da "kowace" ko "kullum" ko "sam" a cikinta galibi ƙarya ce. Dabarar tana ci sau da yawa, saboda mu masu tsara tambaya mukan yi sakaci, kuma cire maki ba ya yi mata komai.

Yadda nake raba makin yanzu shi ne kowace tambaya maki 3: hukuncin gaskiya ko ƙarya 1, hujja 2. A tambayoyi 10, jimilla 30, mai canki-canka zalla zai tashi da kimanin 5. Ko ya yi sa'ar da ba a taɓa gani ba ya dace a duka goma, 10 ne cikin 30, bai haye ba. Matsalar da aka ƙirƙiro cire maki dominta ta mutu ba tare da an taɓa makin kowa ba. Wasu abokan aikina sun fi ni tsauri, ba sa ba da komai ga hukuncin da ba shi da hujja. Ban ga laifin wannan ba, in dai an rubuta shi ɓaro-ɓaro a saman takarda. Na uku a misalinmu nakan ba shi 1 cikin 2 na hujja, domin aikin da ya yi daidai ne ko da abin da ya ɗora a kansa kuskure ne.

Abin da ba na yarda da shi shi ne haɗa biyun, a nemi hujja kuma a cire maki in hukuncin ya kuskure. Na ga takardun da aka tsara haka, da niyyar wai a ƙara tsauri. Ka duba me hakan ke gaya wa na uku. Yana da rabin hujja a kansa, ya san ba ta cika ba. In ya rubuta, yana iya tashi da ƙasa da sifili. In ya yi shiru, sifili. Sai ya yi shiru. Dalilin neman hujja tun farko shi ne malam ya ga tunanin ɗalibi, musamman inda ya karkace, sai ga shi mun sa tara a kan nuna mana shi. Rubuta hujja kuma yana cin lokaci, minti huɗu ko biyar a kowace tambaya, saboda haka ɗalibi ya riga ya biya wani farashi kafin ya amsa. Wanda bai san komai ba babu abin da zai rubuta. Ba a buƙatar sanda ta biyu.

Neman hujja yana da nasa wahalhalu, kuma wanda bai taɓa duba takardu ba ne kawai zai raina su. Babbar ita ce lokaci. Aji mai ɗalibai 400, tambayoyi 10, hujjoji 4,000 ke nan. In kowace ta ci rabin minti, an haura awa 33 ana karatu. Wannan shi ne ainihin abin da ya sa manyan azuzuwa suka rungumi gaskiya ko ƙarya tun asali. Sannan ba za ka iya tambayar abubuwa ɗari ba, sai goma ko sha biyar, ke nan wani yanki na manhaja ba za a taɓa shi ba. Akwai kuma matsalar harshe, wadda ta fi damuna: yaron da ya fahimci abu sarai amma Turancinsa ya gaza ɗaukar bayanin. Shi ya sa nake cewa hujja ta zama gajera, layi biyu ko uku, a karɓi lissafi ko zane ko misali guda, kada a auna nahawu. Kuma kafin a fara dubawa malam ya rubuta wa kansa abin da zai karɓa a matsayin cikakkiyar hujja da abin da zai ba rabi, in ba haka ba takardar da ya duba da safe da wadda ya duba bayan isha'i ba za su samu hukunci ɗaya ba. Wani abu kuma da sabon malami kan manta: maganar ƙarya ta fi sauƙin kawo wa hujja, misali ɗaya ya wadatar, ta gaskiya kuwa sai an bi ta daki-daki. In ba a lura ba sai ɗalibai su gane cewa malam ya fi son kawo ƙarya don sauƙin dubawa, cinke ya dawo ta bayan gida.

Ga azuzuwan da suka yi girman da hujjar rubutu ba za ta yiwu ba, akwai hanyoyi biyu da suka fi cire maki tsurarsa. Ɗaya ita ce tambaya mai hawa biyu: ɗalibi ya zaɓi gaskiya ko ƙarya, sannan ya zaɓi dalili daga cikin huɗu, uku daga ciki kurakuran da malam ya san ɗalibai na yi ne, kamar soke 6 da 6. Ba a ba da maki sai an dace a duka biyun. Damar mai canka ta sauko daga rabi zuwa kimanin ɗaya cikin takwas, kuma na'ura za ta iya dubawa. Ɗayar kuma, wadda ta fi dacewa da damuwar likitoci, Tony Gardner-Medwin ne ya yi ta aiki da ita a kan ɗaliban likitanci a Landan: ɗalibi ya amsa, sannan ya faɗi ƙarfin tabbacinsa, 1 ko 2 ko 3. In ya dace ya samu makin da ya faɗa. In ya kuskure, mai 1 ba a cire masa komai, mai 2 a cire masa 2, mai 3 a cire masa 6. A nan ma ana cirewa, amma duba wa ake cire wa: wanda ya bugi ƙirji a kan kuskure. Wanda ya ce "zato nake" ba ya asarar komai, saboda haka babu dalilin barin tambaya. An tsara lambobin ne yadda faɗin gaskiya a kan tabbacinka shi ya fi riba: in bai kai biyu bisa uku ba ka zaɓi 1, in ya wuce huɗu bisa biyar ka zaɓi 3. Wannan shi ne koya wa mutum sanin iyakar saninsa.

Inda kuma sashe ya dage sai ya ci gaba da tsohon tsarin, akwai abu guda da nake ganin hakki ne a kan malamai: su daina cewa "in ba ka tabbatar ba ka bari". Wannan nasiha ta saɓa wa lissafin dokar da su da kansu suka kafa, kuma masu biyayya kaɗai take cutarwa. A rubuta a saman takarda nawa ake bayarwa, nawa ake cirewa, a kuma faɗa wa ɗalibai a fili cewa in suna da wata karkata ta gaske, ko yaya take, su amsa.

Ita ɗiyar tawa, kafin ta koma na sa ta wani aiki. Duk tsohuwar takardar da za ta gwada kanta da ita, ta amsa komai, ta sa ɗigo a gefen duk wadda ba ta tabbatar ba, ta rubuta dalilinta a kalmomi biyar ko shida, bayan ta duba ta ƙirga masu ɗigon daban. In ta ga tana dacewa a bakwai cikin goma, ta san karkatarta abin dogaro ce. In ta ga biyar ne cikin goma a wani darasi, to a can ba ta da sani, ta koma littafi. Ta kira ni bayan mako uku ta ce masu ɗigonta a darasin ƙashi da tsoka suna kai takwas cikin goma, amma a sinadaran jiki da ƙyar suke wuce rabi, kuma da ta karanta dalilan da ta rubuta ta ga hanyoyi biyu na sarrafa sukari a jiki ne take ta cakuɗawa tun zangon farko.